Yadda Ake Sa Sabon Rubutu Ya Saje Da Tsohon Hoto

Kusan kowace makaranta tana da tsofaffin hotuna waɗanda gara ko laima ta taɓa. Mu ɗauki misalin guda: hoton ƙofar makaranta, baƙi da fari, da allo a sama an rubuta MAKARANTAR SAKANDARE, amma gara ta cinye haruffa huɗu na ƙarshe. An sa hoton a sikana ya shiga kwamfuta, ana so a mai da haruffan. Buga su da madannai aikin minti ɗaya ne. Amma kowa ya duba zai ce an liƙa su ne, ko da bai san dalili ba, kuma daga nan sai ya fara shakkar hoton duka.

Dalilin shi ne, duk abin da ke cikin hoton ya bi ta gilashin kyamara, ya sauka a kan fim, sa'an nan aka wanke shi a takarda. Gilashi yakan sa bakin kowane abu ya ɗan yi dishi-dishi. Fim kuwa ƙananan ƙwayoyin azurfa ne ke riƙe da sura a jikinsa, shi ya sa in ka ƙura ido za ka ga hoton da tsaki-tsaki kamar rairayi. Sabon harafi bai bi wannan hanya ba. Bakinsa kamar aska, cikinsa sumul. Aikinmu shi ne mu bi da shi ta hanyar da sauran suka bi, kuma bi da bi: launi, sai dishi-dishi, sai tsaki. Zan yi bayani da GIMP, domin kyauta ake samunsa.

Kafin kome, a duba abin da ya tsira. Haruffan da suka ɓata su ne D, A, R da E. To, akwai A da R da yawa a cikin MAKARANTAR, sai a kwafo su, domin suna zuwa da tsakinsu da dishi-dishinsu. Haka kuma jikin allon da gara ta ci, a cike shi da `Clone` daga wani wuri mai lafiya na allon. D da E kaɗai za a ƙirƙira, a kan falle nasu dabam.

Game da launi, kada a zaɓi baƙi ƙirin. Kwamfuta tana ƙidaya haske daga 0, watau baƙi ƙirin, zuwa 255, watau fari fat, kuma da wuya baƙin tsohon hoto ya kai 0. A ɗora `Color Picker` a tsakiyar tsohon harafi, a kunna `Sample average` don kada a ɗauki ƙwaya guda ta tsaki. In ya ba da 45, alal misali, to D da E ma 45 za su zama.

Dishi-dishi kuwa aunawa ake yi, ba cinta ba. A ƙara girman hoton zuwa 800%, har a riƙa ganin 'yan murabba'an da suka haɗa shi, waɗanda ake kira fiksel. A je bakin miƙaƙƙiyar ƙafar harafin K, a ƙidaya fiksel nawa ne daga inda baƙi ya fara washewa zuwa inda hasken allo ya kusa cika. A ce an sami 5. Sai a raba da biyu da rabi, a sami 2, a sa wannan lamba a nan:

```
Filters > Blur > Gaussian Blur
Size X: 2.0   Size Y: 2.0
```

Wannan lissafi kusantarwa yake yi, saboda haka a sake ƙidayawa a bakin sabon D, a gani ko shi ma ya ba da 5. Sai a kula da abu biyu. Awon a jikin allon za a yi shi, domin mai yiwuwa mai hoton ya saita kyamararsa a kan mutanen da ke tsaye a gaba, su sun fito tangaran, allon kuwa bai kai su ba. Sa'an nan a auna bakin da ke tsaye da wanda ke kwance, kamar kan harafin T. In na tsaye ya ba da 7, na kwance 4, hannun mai hoton ne ya motsa gefe, sai `Size X` ya fi `Size Y`.

Yanzu sai tsaki, kuma a ganina nan ne aikin yake. Dole ya zo bayan dishi-dishi, domin haka abin ya faru tun asali: haske ya ratsa gilashi tukuna, kana ya tarar da ƙwayoyin fim. Wanda ya sa tsaki sa'an nan ya dusashe harafin, ya shafe tsakin da hannunsa.

A buɗe sabon falle, a cika shi da toka-toka na tsakiya, watau 128. A zuba masa tsaki da `RGB Noise` da ke ƙarƙashin `Filters > Noise`, a kashe `Independent RGB`, in ba haka ba ɗige-ɗigen ja da kore za su bayyana a hoton da ba shi da launi. A mai da yanayin fallen `Grain merge`. Abin da wannan ke yi shi ne, duk inda fallen ya wuce 128 sai ya ƙara wa na ƙasa haske, inda ya gaza kuma ya rage, shi kuwa tokan kansa ya ɓace. A tsare shi a kan D da E kawai, ta hanyar `Alpha to Selection` da `Layer Mask`, tun da allon yana da nasa tsakin, ƙari sai ya yi masa yawa.

Tsaki yana da girma, yana kuma da ƙarfi, kuma kowanne sai an daidaita shi. Kwamfuta fiksel ɗai-ɗai take watsawa, alhali a hoton da aka sa a sikana ƙwaya guda takan kai fiksel biyu ko uku. Saboda haka a ɗan dusashe fallen tsakin shi kaɗai, a fara da 0.7, a duba ko ƙwayoyin sun yi kai ɗaya da na tsohon harafi. Wannan zai rage masa ƙarfi, don haka gara a zuba da yawa tun farko. Don auna ƙarfin, a zaɓi ɗan wuri a cikin tsohon harafi, kada ya taɓa baki, a buɗe `Histogram`, a rubuta lambar da ke gaban `Std dev`. Ita ke nuna yadda fiksel ke bambanta da juna. A yi haka a cikin sabon D bayan an haɗa fallayen a kwafi, a yi ta rage `Opacity` har lambobin su kusanci juna. A cikin harafi za a auna, domin tsakin wuri mai duhu da na wuri mai haske ba lalle su zo ɗaya ba.

Da a ce hoton waya ne mai launi, da sai a bar `Independent RGB` a kunne, domin ɗige-ɗigen kyamarar waya sukan zo da launi, sun kuma fi yawa a inuwa.

Akwai jarrabawa mai sauƙi. A yi kwafin hoton, a buɗe `Curves`, a tsananta bambancin haske da duhu fiye da kima. In D da E sun fito kamar tabo mai santsi, tsaki ya kasa. In sun fi maƙwabtansu ƙaiƙayi, ya yi yawa. In wani zobe ya kewaye su, dishi-dishin ne bai daidaita ba. Bayan haka a ba wani aboki wanda bai ga asalin ba, a ce ya nuna sababbin haruffan. A ajiye aikin a XCF, a fitar da JPEG sau ɗaya tak a ƙarshe, domin kowace fitarwa tana ƙara cin tsakin. In za a buga hoton a mujalla, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa an mai da haruffa huɗu na ƙarshen allon, a kuma adana asalin da gara ta ci.