Mafarkin Rushewar Bene ko Tsagewar Ƙasa: Yadda Muridi Zai Auna Shi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, daga cikin mafarkan da ke tayar da hankali akwai ganin dogon bene yana rushewa, ko ƙasa tana tsagewa a ƙarƙashin ƙafa. Da yawa in sun farka sai su yanke cewa wani babba zai rasu a gidansu, ko an yi musu sammu. Wannan gaggawa ce. Kafin a tambayi ma'anar mafarki, sai an fara sanin wane iri ne.

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Na farko ne kaɗai ake kai wa mai fassara. Yawanci yakan zo a sarari, a tsare, ya bar natsuwa ko da gargaɗi ya ƙunsa. Na Shaiɗan kuwa a hargitse yake, ba ya barin komai sai firgita. Shi kuma zancen zuci, in ka bincika za ka tarar da kayan gininsa a cikin ranarka.

Mu ɗauki misalin ɗalibin jami'a da iyayensa ke zaune a gidan ƙasa a Damagaram. A daminar 2024 gidaje da dama sun faɗi a ƙasarmu, har tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba. Ɗalibin nan ya ga hotunan a wayarsa, jarrabawa ta matso, kuɗin tallafin karatu bai fito ba, ga shayi mai ƙarfi yana sha har ƙarfe biyun dare. Sai ya riƙa mafarkin benen da yake kwana a ciki yana zubewa. Kowane ɓangare na mafarkin yana da tushe a farke: gini daga hotuna, faɗuwa daga tsoron jarrabawa, firgita daga ƙarancin barci. Wannan ba labarin gaibu ba ne. Zuciyarsa ce take gaya masa cewa abubuwan da ya jingina da su suna girgiza.

To me zai yi? A daren, ya bi ladabin da Manzon Allah (SAW) ya koyar: ya yi tofi mai sauƙi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya kwanciya, in tsoron bai tafi ba ya tashi ya yi salla, kuma kada ya baza labarin. Abu Salama ya faɗi cewa mafarki yakan kwantar da shi ciwo, har sai da Abu Ƙatada ya sanar da shi wannan ladabi.

Da rana kuma ya yi wa kansa hisabi. Aya ta 109 a Suratut Tauba ta bambanta wanda ya kafa gininsa a kan taƙawa da wanda ya kafa shi a bakin gaɓa mai zaizayewa. Ayar ba fassarar mafarki ba ce, amma ma'auni ce mai kyau. Sai ya tambayi kansa: a kan me na ɗora natsuwata, a kan sakamako da kuɗi, ko a kan Mai ba da su? Wuridina na safe da maraice yana nan, ko shi ne ya fara faɗuwa da aiki ya yi yawa? Sannan ya riƙi sababi: ya kira gida ya ji halin katanga, ya tsara karatunsa, ya rage shayin dare.

In kuwa mafarkin ya zo a sarari, babu wata damuwa da ta gabace shi, sai ya kai wa muƙaddaminsa ko malami mai tsoron Allah da ya san halinsa. Kada ya dogara da littafin fassara na kasuwa. An ruwaito cewa mutum biyu sun gaya wa Ibn Sirin sun yi mafarkin kiran salla, ya yi wa ɗaya bushara da Hajji, ya fassara wa ɗayan da sata, saboda halinsu ya bambanta. Haka rushewar gini ba ta da ma'ana guda ga kowa.

Akwai kuma iyaka. Wanda gini ya taɓa faɗo wa ko ambaliya ta ci gidansa, in mafarkin ya yi makonni yana dawowa, da bugun zuciya da gudun barci, ya haɗa zikiri da ganin likita. Neman magani ba ya rushe tawakkali.

Allah Ya tabbatar da dugaduganmu, Ya sa gininmu a kan taƙawa yake. Amin.