Yadda ake ƙiyasta kalorin da jiki ke bukata a rana

Manomin da ke huɗa a Ruma cikin watan Yuli da ɗan'uwansa mai jiran shago a cikin garin Batsari za su iya zama tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, shekaru ɗaya, amma abincin da zai riƙe wannan ba zai riƙe wancan ba. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kuma duk mai waya da kalkuleta a ciki zai iya lissafa nasa.

Ana farawa da awo. Mutum zai hau sikeli da safe kafin ya karya kumallo, ba takalmi, ba babbar riga. Akwai sikeli a Babban Asibitin Batsari da ƙananan asibitocin Safana. Sai tsawo: ya cire hula, ya jingina da bango, a sa alama daidai saman kansa, a auna da tef ɗin tela a santimita. Wanda bai san shekarunsa daidai ba kada ya damu, domin kuskuren shekara 5 kalori 25 kacal yake kawowa a matakin farko na lissafin.

Daga nan sai a nemo abin da jiki ke ƙonawa ko da mutum ya wuni a kwance, wato aikin zuciya da numfashi da ɗumin jiki. Ƙa'idar Mifflin-St Jeor, wadda aka wallafa a Amurka a 1990, ita aka fi amfani da ita. A ninka nauyi sau 10, a ninka tsawo sau 6.25, a haɗa su, sannan a ɗebe shekaru sau 5. Namiji ya ƙara 5, mace ta ɗebe 161.

A ɗauki manomi ɗan shekara 35, mai kilo 62 da tsawon santimita 170. Nauyinsa ya ba da 620, tsawonsa 1,062.5, jimla 1,682.5. An ɗebe 175 na shekaru, an ƙara 5, abin ya tsaya a kusan 1,510.

Mataki na gaba shi ne inda akasarin mutane ke kuskure: ninka wannan adadi da yawan aikin ƙarfin da mutum ke yi. Rahoton da hukumomin FAO da WHO da UNU suka fitar a 2004 ya kasa mutane gida uku. Mai wuni a zaune, kamar tela ko ma'aikacin ofis, yana tsakanin 1.4 da 1.69, sai ya ɗauki 1.5. Mai yawan tafiya da ɗauke-ɗauke, irin magini ko matar da ke daka da ɗebo ruwa da itace, yana tsakanin 1.7 da 1.99, ya ɗauki 1.8. Mai wuni da fartanya ko gatari yana tsakanin 2.0 da 2.4, kuma 2.1 ya ishe shi farawa. Abin dubawa shi ne yinin gaba ɗaya. Awa ɗaya ta ƙwallo da yamma ba ta mayar da mai shago manomi.

Manomin nan da damina, 1,510 sau 2.1, yana bukatar kusan kalori 3,170. Da rani, idan ba ya noman rani kuma bai tafi ci-rani ba, sau 1.5 ne, kusan 2,270. Ratar ta kai 900, kwatankwacin kwatan kilo na busasshen gero kullum, tunda giram 100 na gero na ɗauke da kalori wajen 360. Abin takaicin shi ne wannan ƙarin bukata yana zuwa a Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa manoma da yawa ke ramewa kafin kaka. Rogo kuwa, da yankin Batsari ya yi suna da shi, ɗanyensa kalori 160 ne a giram 100. Cokali babba na man gyaɗa yana ƙara wajen 120.

Matar aure a Runka mai shekara 30, kilo 55, santimita 158, nata lissafin ya ba da kusan 1,230, sau 1.8 ya zama wajen 2,200. In tana shayarwa a watanni shida na farko, ta ƙara kimanin 500.

Ƙiyasi ne dai, yana iya kaucewa da kashi 10 cikin 100 ko fiye, don haka sikeli ne zai raba gardama. A sake hawa bayan mako huɗu, da safe, a sikeli ɗaya. In nauyi bai motsa ba, abinci ya yi daidai da aiki. In yana sauka, a ƙara. Wannan lissafi na manya ne. Yara, mai juna biyu, mai kumburin ƙafa, da wanda ke ramewa alhali yana ci sosai, musamman in akwai tari ko yawan fitsari, su je asibiti a duba su.