Wasiƙa Zuwa Ga Dattawa: Ma'anar Awon Jini

Zuwa ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai na ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Ranku ya daɗe, na lura mutanenmu da yawa sukan zo asibiti a ɗaura musu abin awo a damtse, a rubuta musu lamba biyu a kati, su koma gida ba su san abin da aka rubuta ba. Don haka na ga ya kamata in bayyana muku, ku kuma ku bayyana wa jama'a.

Ku sani zuciya aikinta kamar na injin ban ruwa ne a fadama, jijiyoyi kuwa su ne tiyo. Ba yawan jini muke aunawa ba, ƙarfin da yake tura bangon jijiya muke aunawa. Saboda haka ƙaho ba ya maganin hawan jini, ko da wanzami ya cika ƙoƙo.

In kun ga an rubuta 120/80, sai ku karanta 120 bisa 80. Lambar sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa ta tura shi. Ta ƙasa kuwa ƙarfinsa ne sa'ad da ta saki tana hutawa kafin bugu na gaba. Babban mutum mai lafiya yakan kasance wajen 120 bisa 80, ko ƙasa kaɗan. Amma in ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to, jini ya hau. Ko ɗaya ce kaɗai ta kai, ya isa. Sai dai ba a yanke hukunci da awo guda, sai an sake a wata rana dabam an sami haka.

Ga misali. Wani dattijo ya zo mini da ƙafa daga ƙauyensu, da goro a baki. Na auna shi nan take, na sami 166/98. Ban rubuta ba, domin tafiya da goro da taba da fargaba duk suna ɗaga lamba. Na sa ya zubar da goron, ya zaga bayan gida, ya huta rabin sa'a. Sa'an nan ya zauna ya jingina, ƙafafu a ƙasa, hannu bisa tebur daidai ƙirji, ba magana. Na sami 152/94. Bayan mako guda ya komo, na sami 150/94. Nan muka tabbata yana da hawan jini, likita ya rubuta masa ƙwaya guda kullum. Da wata ya kewayo sai ga 132/84.

A nan ne kuskure ya auku. Da ya ji lamba ta sauka, sai ya ce ya warke, ya bar magani. Bai ji ciwon kai ba, bai ji jiri ba, yana nomansa. Bayan wata huɗu aka kawo shi a amalanke, baki ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa, watau shanyewar ɓarin jiki. Maganin ne ya riƙe lambar, ba warkewa ya yi ba. Wannan cuta galibi ba ta da alama, tana nan tana cin zuciya da ƙoda da ido a ɓoye. Awo kaɗai ke tona ta.

In lamba ta kai 180 bisa 120, kuma ga ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama sama, ko gani dishi-dishi, ko harshe ya yi nauyi, kada a tsaya turare ko tofi kaɗai. A nufi babban asibiti a ranar. Haka kuma mai ciki in ta kai 140 bisa 90, musamman in fuska da hannuwa sun kumbura, lalle likita ya gan ta, don gudun jijjiga.

Abin da nake roƙonku uku ne. Kowane baligi a auna shi ko da sau ɗaya a shekara, ya adana katinsa. Mai shan magani ya nemi wani tun saura na mako guda, domin kun san ba kullum hanya ke biyuwa ba. Uwargida kuma ta rage gishiri da dunƙule a miya, da kanwa a kunun mai jego. Gishirin da ya ishi mutum a yini duka bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba.

In kun yi wannan magana a ƙofar fada da bayan sallar Juma'a, za a ji ta fiye da tawa. Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.

Haza wasalam. Ni ne naku, Malamin Asibiti.