Yadda Ake Karanta Ɗan Ƙyallen Cikin Riga Kafin a Sayi Kayan Bazara

Idan Afrilu ya kama, rana ta kai digiri 40 a Kano ko Maraɗi, riguna biyu masu launi ɗaya da kuɗi ɗaya sai su sha bamban a jiki. Ɗaya ta shanye gumi, ɗaya ta bar shi yana gangara a gadon baya. Bambancin yana rubuce a cikin rigar, ba a dai saba dubawa ba ne.

Fara da juya rigar ciki waje. Abin da ke wuya galibi sunan kamfani ne da lambar girma, ba shi kake nema ba. Bi ɗinkin gefe, yawanci na hagu, can ƙasa kusa da kalmasa, za ka ga ɗan farin ƙyalle mai lambobi da alamar %. A wando, yana cikin ƙugu.

Sai ka gane sunayen. Auduga ita ce Cotton, amma kayan gwanjo daga ko'ina suke zuwa, don haka za ka gamu da Coton a Faransanci, Baumwolle a Jamusanci, Pamuk a Turkanci. Zaren roba kuwa da wuya ya ɓuya, kusan ko'ina Polyester ake rubutawa, wani lokaci a taƙaice PES.

Yanzu lambobin. A ƙa'ida zaren da ya fi nauyi a yadin shi ake fara rubutawa. Ɗauki riguna biyu a gaban mai gwanjo: ta farko 65% Polyester 35% Cotton, ta biyu 60% Cotton 40% Polyester. Mai kaya zai rantse duka biyun auduga ce, kuma bai yi ƙarya tsagwaronta ba. Amma ta farko kusan kashi biyu cikin uku roba ce. Auduga takan riƙe danshi kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinta, roba kuwa ko kashi 1 ba ta kai ba. Shi ya sa gumi ba ya samun inda zai shiga a rigar farko, sai ya tsaya tsakanin fata da yadi, rigar ta manne, wari ya biyo baya tun kafin azahar. Ni dai ta biyun zan ɗauka don zuwa ofis, domin ba ta yamutsewa kamar auduga zalla kuma tana saurin bushewa. Idan yini za a yi a rana ko a kan babur, sai 100% Cotton, a haƙura da guga. A dila na yadi, TC na nufin roba ta fi yawa, CVC kuma auduga ce ta rinjaya. Kashi 2 zuwa 5 na Elastane ba abin damuwa ba ne, talewa kawai yake sa yadi ya yi.

Kada ka tsaya a layin farko. Riga mai shafi bayani biyu gare ta: Shell na yadin waje, Lining na shafin ciki. Na taɓa sayen rigar da wajenta auduga ce zalla, na yini ina jiƙewa sharkaf, sai da dare na ga shafin 100% Polyester ne. Shafin ne ke taɓa fata, shi ne mai hukunci. A kuma yi hattara da Cotton Feel da ake bugawa a jikin leda, wannan laushi kawai yake nufi.

Akwai abin da ƙyallen ba zai faɗa ba, wato kauri. Wandon jins auduga ne, amma wa ke jin daɗinsa a bazara? Ɗaga yadin ka duba ta haske, ka hura iska ta cikinsa ka ji ko ta taɓa tafin hannunka. Rigar ƙwallo ma roba ce, sai dai saƙarta mai huji-huji ce, ta dace da fili, ba da zaman ɗaurin aure ba.

Shadda da atamfa da yadin da ake yankowa a Kantin Kwari ba su da wannan ƙyalle. Duba bakin zanin ko takardar da aka liƙa, amma kada ka sakankance, jabu ma yana ɗauke da 100% Cotton. Roƙi ɗan guntu, ka zare zare kaɗan daga tsawo da faɗi, ka riƙe da hantsaki a waje, kusa da ruwa, ka kunna ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba tana ja da baya daga wuta, ta narke, ta bar baƙin dunƙule mai tauri. In ka ga toka da dunƙule tare, gauraye ne, sai ku koma ciniki.