Ma'ajiyar Kwamfuta: Mai Faifai ko Marar Faifai?

Duk abin da muka rubuta a kwamfuta, ko sakamakon jarrabawa ne, ko hotuna, ko lissafin kuɗin makaranta, yana kwana ne a cikin wani ɗan akwati da ake kira ma'ajiya. Iri biyu ne a kasuwa. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa HDD a jiki, wato mai faifai. Na biyu kuwa shi ne SSD, marar faifai. Wanda ya san yadda aka ƙera kowannensu zai gane dalilin da ya sa suka bambanta a sauri da tsada, zai kuma gane yadda kowanne yake mutuwa.

Yadda aka ƙera su

Mai faifai shi ne babba a shekaru, domin kamfanin IBM ya fito da na farko tun a 1956. A cikinsa akwai faifai mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai kuma wani ɗan hannu mai kamar allurar garmaho, wanda ke shawagi a kan faifan yana karatu da rubutu. Allurar ba ta taɓa faifan. Iska ce kawai ke riƙe da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ko kusa da kaurin silin gashi ba.

Shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Yana ajiye bayani ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna masu ɗimbin yawa, kamar yadda katin ajiya na waya yake yi.

Sauri da tsada

Idan aka nemi wani bayani a wurin mai faifai, sai allura ta tafi inda yake, sannan ta jira faifai ya juyo da shi. Wannan yakan ci kimanin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Ba shi da yawa a ido, amma lokacin da kwamfuta take tashi tana neman dubban ƙananan fayiloli ne a wurare dabam-dabam, sai jiran ya taru ya zama mintoci. SSD ba ya wannan tafiya, don haka yakan amsa da sauri wajen ninki 100. Wajen kwafar babban fayil kuma, mai faifai na kwamfutar tafi-da-gidanka yakan kwashe megabait 100 ko ɗan fiye a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA yana kai 550, mai mahaɗin NVMe kuwa yana wuce 3,000.

A wajen kuɗi mai faifai ne ke da galaba. Idan ana maganar manyan ma'ajiyoyi, kuɗin da zai sayi terabait ɗaya na SSD zai sayi fiye da haka nesa ba kusa ba a mai faifai. Saboda haka masu dabara sukan sa Windows da manhajoji a ƙaramin SSD, su bar tarin bidiyo da hotuna a babban mai faifai.

Tsawon rai

Mai faifai inji ne, kuma inji yana tsufa. Babban abokin gabansa shi ne jijjiga. In kwamfuta ta faɗi daga kan tebur tana cikin aiki, allura na iya karce faifai, abin da ke wurin ya tafi ke nan.

SSD ba ya tsoron faɗuwa haka, amma shi ma yana da iyaka. Kowane ɗaki yana ɗan lalacewa duk lokacin da aka goge aka sake rubutu a cikinsa. Masu ƙerawa suna bayyana wannan iyaka da lamba mai suna TBW, wato jimillar terabait da suka lamunce a rubuta. Mu ɗauki Samsung 860 EVO mai gigabait 500, wanda lambarsa 300 ce. A ce ofishin makaranta yana rubuta gigabait 20 kowace rana. A shekara ya zama gigabait 7,300, wato terabait 7.3. In aka raba 300 da 7.3, za a sami shekara 41 da kimanin wata ɗaya. Ashe ke nan ba yawan rubutu ba ne zai kashe SSD a ofis irin wannan. Abin da ya fi kashe shi shi ne lalacewar ɗan guntun lantarkin da ke sarrafa ɗakunan, kuma ɗaukewar wuta kwatsam yana cikin rubutu na iya rikita shi. Akwai kuma wani rauni: in aka jefa SSD a durowa shekara da shekaru ba a kunna ba, musamman a wuri mai zafi, cajin da ke ɗakunan yana iya zurarewa a hankali. Don haka bai dace da ajiyar da za a kulle a manta ba.

Alamun mutuwa

Mai faifai yakan yi jinya kafin ya mutu. Za ka ji yana ƙara ƙyas-ƙyas a kai a kai, ko gurnani kamar ana niƙa. Kwamfuta takan sandare in an buɗe wani fayil, ko kwafa ta tsaya a wuri guda kullum, ko hoton da ke lafiya jiya ya ƙi buɗuwa yau.

SSD ba ya ƙara. Alamunsa su ne kwamfuta ta riƙa mutuwa tana cikin tashi, ko wani lokaci ta ce ba ta ga ma'ajiya ba, ko a iya buɗe fayil amma a kasa adana sabo. Sau da yawa ma ba ya sallama, da safe kawai za a tarar ya yi shiru.

Dukansu biyu suna riƙe da bayanin lafiyarsu, wanda ake kira S.M.A.R.T., kuma manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna shi. Za ta rubuta Good, ko Caution, ko Bad. A mai faifai, duba layin Reallocated Sectors Count, wato gurabun da suka lalace aka musanya su, da layin Current Pending Sector Count, wato waɗanda ya kasa karantawa. Lura da ginshiƙin Raw Values. In lambar ta bar sifili, kuma mako mai zuwa ta ƙaru, to ma'ajiyar tana kan hanya. Amma kada Good ya ruɗe ka. A binciken da ma'aikatan Google suka wallafa a 2007 kan masu faifai fiye da 100,000, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna irin waɗannan alamu ba ko ɗaya.

Abin yi in an ga alama

Abu na farko shi ne kwafa, ba gyara ba. Fara da abin da ba za a iya sake samunsa ba, kamar sakamakon ɗalibai da takardun kuɗi, ka bar fina-finai zuwa ƙarshe. Kada ka sa kwamfuta ta yi chkdsk ko defrag kafin ka gama kwafa, domin suna wahalar da ma'ajiya mai ciwo, suna iya ƙarasa ta. In ƙarar ta yi tsanani, kashe kwamfutar ka kai wa gwani. Kada ka kwance murfin mai faifai, gama ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allura girma.

Rigakafi ya fi magani. Kowace Juma'a, a kwafi muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya dabam, a cire ta daga kwamfutar, a ajiye ta a wani ɗaki.