Darasin lafiya: yadda ake karanta sakamakon gwajin sukari na safe

Mutane da yawa suna fitowa daga asibitin sansani da 'yar takarda mai lamba, an ce musu "sukarinka ya ɗan hau", su koma gida cikin fargaba ko su jefar da takardar. Darasin wannan fitowa zai bayyana lambar da ake ɗauka daidai ga baligi, da abin da ake nufi idan ta ɗan wuce.

Wane irin gwaji ne?

Ana auna sukarin da ke cikin jini da safe, bayan mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci komai ba. Ma'aikatan lafiya kan kira shi gwajin azumi, amma ba azumin ibada ba ne, domin an yarda a sha ruwa zalla. Ruwan ne kaɗai aka yarda da shi. Koko, kunu, shayi, fura, goro, ko dabino ƙwaya ɗaya, duk suna ɓata gwajin. Idan kun ci tuwon dare da ƙarfe 9, to daga ƙarfe 5 na asuba awa 8 ta cika, sai ku tafi asibiti da safe kafin karin kumallo.

Dalilin wannan sharaɗi shi ne, abinci yana ɗaga sukarin kowa na ɗan lokaci, har da mai ƙoshin lafiya. Jiki yana da wani sinadari da ake kira insulin, wanda yake kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da sauran sassa. Bayan an kwana ba a ci ba, lambar da ta fito tana nuna ko insulin ɗin yana aikinsa yadda ya kamata.

Lambobin da za a riƙe

Na'urori da yawa suna rubuta mg/dL a gefen lambar. Da wannan ma'auni, daga 70 zuwa 99 shi ne daidai. Daga 100 zuwa 125 ya ɗan hau, amma bai kai ciwon sukari ba. Daga 126 zuwa sama ana zargin ciwon sukari, sai dai ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya ga mutumin da ba ya da wata alama. Sai an sake a wata rana daban, an sake samun 126 ko fiye.

Wani ma'aikacin lafiya zai iya ce muku 105 ba komai ba ne, wani kuma ya ce a kula. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana fara lissafin hawan daga 110, ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka kuma daga 100. A kan 126 kuwa bakinsu ya zo ɗaya.

Takardar nan da takardar gida

A Nijar da Kamaru da Chadi, ɗakunan gwaji sukan rubuta sakamako da g/L, kuma suna sa waƙafi a inda muka saba ganin ɗigo. A Najeriya kuma wasu asibitoci suna rubutawa da mmol/L. Shi ya sa lambobin ke rikita mutane, alhali abu ɗaya suke aunawa.

A ce wata baiwar Allah mai shekara 45 ta karɓi takarda an rubuta 1,14 g/L. Idan aka ninka da 100, ya zama 114 mg/dL. Idan aka raba 114 da 18, ya zama wajen 6.3 mmol/L. Tsohon katinta na gida yana nuna 5.2, sai ta ɗauka sukarinta ya faɗi daga biyar zuwa ɗaya. Ba haka ba ne. Idan aka ninka 5.2 da 18 za a samu wajen 94, wato a wancan lokacin tana cikin daidai, yanzu kuma ta ƙaru zuwa 114. Ba ta kai 126 ba, wanda shi ne 1,26 g/L ko 7.0 mmol/L. Saboda haka ba za a ce tana da ciwon sukari ba, amma ta shiga matakin da ake sa ido.

Me ya sa lamba ke ɗan hawa?

Kafin a ce komai, ma'aikacin lafiya zai yi mata tambayoyi. Ta tauna goro ko ta kurɓi shayi da asuba? Tana da zazzaɓi ko wani ciwo a jiki? Rashin lafiya da tashin hankali da rashin barci suna iya ɗaga sukari na ɗan lokaci, kuma duk mun san waɗannan ba baƙi ba ne a rayuwar gudun hijira. Tana shan wani magani? Ƙwayoyi irin su deksametazon da firedinisolon, waɗanda wasu ke saya a kasuwa don ciwon gaɓoɓi ko don su yi ƙiba, suna ɗaga sukari sosai.

Akwai kuma kuskuren gwajin kansa. Idan akwai ragowar mangwaro ko rake a yatsa, lambar za ta fito sama da gaskiya, don haka a wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe kafin a soka. Tsinken gwajin da wa'adinsa ya wuce, ko wanda zafi ya yi wa illa, shi ma yana ba da lambar ƙarya. Ko lafiyarta ƙalau, ƙaramar na'urar yatsa tana iya kaucewa kaɗan sama ko ƙasa. Shi ya sa ake fi amincewa da jinin da aka ɗiba a jijiya aka kai ɗakin gwaji.

Idan an sake gwajin cikin ƙoshin lafiya, lambar ta sake fitowa tsakanin 100 da 125, ma'anarsa jiki ya fara nauyin amsa insulin. Yawanci mutum ba ya jin komai a wannan mataki. Wasu suna wucewa zuwa ciwon sukari cikin shekaru, wasu suna tsayawa a nan, wasu kuma lambarsu tana komawa daidai. Haɗarin ya fi yawa ga mai ƙiba ko tumbi, da mai hawan jini, da wanda iyayensa ko 'yan'uwansa suke da ciwon.

Abin da za a yi

Kada a daina cin abinci, kada kuma a ari maganin sukarin maƙwabci, domin yana iya faɗar da sukari ƙasa da 70, mutum ya yi ta rawar jiki da gumi har ya suma. A fara da sukarin da ake zubawa a shayi da koko, da lemon kwalba. A rage tulin tuwo ko shinkafa a zama ɗaya, a ƙara wake da ganye kamar zogale da rama da yakuwa idan an samu. A yi tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Mai ƙiba da nauyinsa ya kai kilo 80, idan ya rage kilo 4 zuwa 5 sannu a hankali, ya rage haɗarinsa sosai. Wanda yake a rame ba a neman ya rage nauyi. A sake gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara, ko a ranar da aka ba ku.

Mutum biyu ba sa jira. Na farko mai juna biyu, domin iyakarta ta fi ƙasa: daga 92 zuwa sama ta faɗa wa ungozomar asibiti a wurin awo. Na biyu wanda yake yawan jin ƙishirwa, yana yawan fitsari har cikin dare, yana ramewa ba dalili, ko yana da gyambon da ya ƙi warkewa. Wannan ya je asibiti a ranar, ko ya ci abinci ko bai ci ba.

Ku adana takardar sakamako tare da katin rajistarku, ku riƙa zuwa da ita duk lokacin da za ku ga likita. Wanda bai gane ma'aunin da aka rubuta masa ba, ya nemi tafinta ya raka shi wurin ma'aikacin lafiya a karanta masa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.