Barcin da Ba a Farkawa: Haɗuwar Barasa da Ƙwayar Barci a Jikin Ɗan Adam

Bahaushe ya ce barci ƙanin mutuwa ne, sai dai akwai abin da ke raba ƙanin da wansa: mai barci yana zabura idan numfashinsa ya sarƙe. Wannan zaburar ce barasa da ƙwayar barci ke kashewa idan suka haɗu a ciki ɗaya.

Ƙwayar da aka fi sani ita ce diyazefam, wadda ake kira baliyam, kuma likitoci na ba da ita saboda fargaba, farfaɗiya da rashin barci. A cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin GABA, wanda aikinsa lafar da jijiyoyi. Diyazefam ba ta lafar da jijiya da kanta, ƙara wa wannan sinadari kaifi kawai take yi, saboda haka ƙarfinta yana da iyaka. Shi ya sa lafiyayyen da ya sha ta ita kaɗai ba safai numfashinsa ke tsayawa ba. Barasa kuwa ta hanya biyu take shigowa: tana ƙarfafa GABA ɗin, sannan tana danne gulutamet, sinadarin da ke zaburar da jijiyoyi. An ƙara mai kwantarwa, an kuma ɗaure mai tayarwa. Iyakar da ke kare mai shan ƙwaya ta gushe, abin da ya fito kuma ya zarce jimillar ƙarfin kowanne shi kaɗai.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai cibiyar da ke lura da gurɓatacciyar iskar CO2 cikin jini. Da ta taru, sai cibiyar ta hanzarta numfashi, idan abin ya tsananta ta farkar da mutum. Haɗin nan yana dakusar da ita. Bugu da ƙari, tsokokin maƙogwaro suna saki, harshe ya koma baya ya toshe mashigar iska, tarin da ke korar amai daga hanyar huhu ya mutu.

A ɗauki misalin magidanci a Gidan Igwai da ke birnin Sakkwato. Ya sha kwalba 2 ta giya da ƙarfe 9 na dare. Kwalba mai santilita 60 da ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da kusan giram 24 na zallar barasa, wato ya sha giram 48. Hanta ba ta ƙone fiye da giram 7 zuwa 10 a sa'a guda, don haka sai wajen ƙarfe 3 jininsa zai tsarkaka. Da ƙarfe 11 ya haɗiyi ƙwayarsa, yana ganin mayen ya sake shi. Ƙwayar za ta kai ƙololuwarta cikin kimanin sa'a guda, ta tarar da kusan rabin barasar, a daidai lokacin da barci da kansa ke rage kuzarin numfashi. Ko da ma shekaranjiya ya sha ƙwayar, bai tsira ba, domin diyazefam na kwana ɗaya zuwa biyu kafin rabinta ya bar jiki.

Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a shekarar 2000, mai shan barasa a ɓoye yake sha. Iyalinsa ba su san abin da ke cikinsa ba, kuma ba lalle ne likitan da ya rubuta ƙwayar ya ji gaskiya ba. Harshe ma yana taimaka wa kuskuren, domin ga Bahaushe minshari shaidar barci mai daɗi ne. Amma minsharin da ke yankewa na daƙiƙa 10 ko fiye, ya dawo da kakari, shaƙewa ce. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ya sauka ƙasa da 8, leɓe da farce suka dushe, aka mintsine shi bai motsa ba, ya fita daga barci ya shiga suma. Ɗura masa madara ko manja ƙara cika huhu ne kawai. A kwantar da shi a gefensa, a ɗaga haɓarsa, a garzaya da shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da kwalin ƙwayar. Akwai allurar fulumazenil mai warware ƙwayar, amma ba ta taɓa barasa, tana kuma iya tayar da farfaɗiya ga wanda ya saba da ƙwayar, don haka taimaka wa numfashi ne babban magani.

Jinkirin mintoci kaɗan ya isa ya lalata ƙwaƙwalwa. A watan Afrilun 1975, Karen Ann Quinlan, 'yar shekara 21 a jihar New Jersey ta Amurka, ta sha barasa da baliyam bayan ta ɗauki kwanaki tana ƙaurace wa abinci. Numfashinta ya ɗauke, aka farfaɗo da shi, amma hayyacinta bai dawo ba har ta rasu a 1985.